Kuɗin Kowane Suna Ko Kuɗin Wata: Zaɓin Tsarin Biya Ga Mai Haɗa Jerin Masu Saye

Wanda ya ɗauki sana'ar haɗa wa kamfanoni jerin mutanen da ake sa ran za su sayi hajarsu yana da hanyoyi uku na karɓar haƙƙinsa. Ana iya biyansa a kan kowane sunan da ya tantance kuma ya dace da sharuɗɗan da aka rubuta masa, ana iya biyansa a kan kowane mutumin da aka tuntuɓa har ya nuna da bakinsa cewa yana da buƙata, sannan ana iya yanka masa kuɗin wata ko na awa ba tare da an ɗaure kuɗin da yawan sunaye ba. Hanyoyi biyun farko sukan shiga takardar kwangila da lafazi ɗaya, wato biya a kan kowane mutumin da ya cancanta, alhali aikin da ke cikinsu da hatsarin da ke tattare da su ba su ko kusa da juna. Galibin rigimar da ke tashi tsakanin mai haɗa jerin da sashen sayarwa na kamfani daga nan take samo asali, domin shi ya ƙidaya abin da ya kawo da ma'auni guda, su kuma sun ƙidaya da wani.

Hanya ta farko ita ce cancanta a kan takarda. Kamfani yana bayyana irin mutumin da yake nema, misali manajan da ke kula da motocin kamfanin jigilar kaya mai ma'aikata tsakanin 50 da 200, kuma yana son sunansa, muƙaminsa, sunan kamfaninsa da adireshin imel na wurin aikinsa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan abu ne da mutum biyu za su iya zama su duba a ranar da aka miƙa jerin, su yarda cewa ya cika ko bai cika ba. Ko mutumin yana wannan muƙamin ko ba ya nan, ko kamfanin yana jigilar kaya ko ba ya yi, ko adireshin yana karɓar saƙo ko yana mayarwa. Ƙarfin wannan tsarin ke nan, kuma shi ya sa na fi ganin dacewarsa ga wanda bai daɗe a sana'ar ba.

Sai dai kalmar tantancewa tana da iyaka, kuma wajibi ne mai aikin ya san inda iyakar take kafin ya yi alkawari. Manhajojin tantance adireshi, irin su NeverBounce da ZeroBounce, ba sa aika saƙo na gaske. Suna fara duba ko rubutun adireshin daidai ne, su duba ko yankin imel na kamfanin, wato sashen adireshin da ke bayan alamar @, yana da rajistar `MX` da ke nuna sabar da ke karɓar masa imel, sannan su buɗe magana da sabar kamar za su aika saƙo, su tsaya a daidai inda ake ambaton mai karɓa. Amsar da sabar ta bayar ita ce hujjar:

```
RCPT TO:<suna@example.com>
250 OK

RCPT TO:<babu@example.com>
550 5.1.1 User unknown
```

Amsar farko tana nufin sabar ta yarda da adireshin, ta biyu kuma tana nufin babu akwatin saƙo mai wannan suna. Matsalar ita ce akwai kamfanoni da yawa da suka saita sabarsu ta amsa da `250` ga kowane adireshi, ko da haruffa ne aka jera da ka. Irin waɗannan manhajar takan yi musu alamar `catch-all` ko `accept-all`, kuma ma'anar alamar ita ce ba a san gaskiyar lamarin ba. Wani adireshin zai isa ga mai shi, wani zai dawo bayan an aika, wani kuma zai faɗa akwatin da ba wanda ke buɗewa. Wanda ya haɗa waɗannan da waɗanda aka yi wa alamar `valid` ya sayar da su a farashi ɗaya, ya ɗauki nauyin abin da ba shi da hujja a kansa. Abin da ya fi dacewa shi ne a ware su a shafi dabam, a faɗa wa kamfanin abin da suke, sannan ko a sayar da su a ƙasa da farashin sauran ko a bayar da su a matsayin ƙari.

Akwai kuma abin da manhajar ba ta iya gani ko kaɗan. Mutum yana iya barin aiki wata uku da suka wuce amma akwatinsa yana nan a buɗe, ko an karkatar da saƙonninsa zuwa ga wani. Manhaja za ta ce adireshin lafiya yake, alhali mutumin da aka biya kuɗi dominsa ya tafi. Wannan sai da ido ake kama shi, ta hanyar duba shafin mutumin a LinkedIn da shafin kamfanin, a ga ko muƙamin da rumbun bayanai ya nuna shi ne na yanzu. Rumbunan da ake sayen bayanai daga gare su, irin su ZoomInfo da Apollo, suna tsufa kullum saboda mutane suna sauya aiki, kuma wannan duban na hannu shi ne ainihin abin da kamfani ke biya, tunda shi ma yana iya sayen rajista a rumbun ya sauke sunaye dubu a yini ɗaya.

Misali zai nuna yadda lissafin yake, kuma alƙaluman da ke cikinsa na kwatance ne domin a ga yadda ake yin lissafin. A ce kamfanin da ke sayar da manhajar bin sawun motoci ya nemi manajojin da aka ambata a sama. Mai aikin ya sauke sunaye 1,000 daga rumbun bayanai. Da ya gwama su da jerin da kamfanin ya ba shi na kwastomominsa na yanzu da waɗanda ya riga ya tuntuɓa, sai 120 suka fita, wasu don an maimaita su, wasu don suna hannun kamfanin tun da farko. Daga cikin 880 da suka rage, 180 kamfanoninsu ba su dace ba: wasu dillalai ne da ba su da mota ko ɗaya, wasu kuma sun fi girman da ake so. Daga 700, sai aka tarar 90 sun bar aikin ko muƙaminsu ba shi ne ake nema ba. Sauran 610 aka zuba a manhajar tantancewa, ta fito da 400 `valid`, 150 `catch-all`, da 60 `invalid`. Idan duk aikin ya ci awa 40, to kowane suna daga cikin 400 ɗin da za a iya sayarwa da cikakken farashi ya ci minti 6. A kan wannan minti 6 ake gina farashi, a ƙara da kason kuɗin rajistar rumbun da na manhajar tantancewa. Wanda ya yi lissafi da 1,000 ɗin da ya sauke ya yanka wa kansa farashin da bai kai rabin wahalarsa ba.

Abin lura a nan shi ne waɗancan 120 na farko. Idan ba a karɓi jerin cirewa daga kamfanin kafin a fara aiki ba, bayan an miƙa jerin ne za su loda shi a manhajar da suke ajiye bayanan kwastomominsu, irin su Salesforce ko HubSpot, su dawo su ce kaza daga ciki muna da su, ba za mu biya ba. Maganarsu gaskiya ce, amma mai aikin ya riga ya kashe lokaci a kansu. Saboda haka sharaɗin farko na biya a kan kowane suna shi ne a miƙa jerin cirewa tun farko, ko da sunayen yankunan imel na kamfanonin ne kawai, kuma a rubuta cewa duk abin da ba ya cikin jerin sabo ne, za a biya.

Hanya ta biyu, cancanta bayan an yi magana, wata sana'a ce dabam da ta hau kan ta farko. A nan ba a biya sai mutumin ya amsa, kuma amsarsa ta nuna ya dace. Ma'aunin da aka fi sani shi ne `BANT`, wanda ake dangantawa da kamfanin IBM, kuma yana tambayar abu huɗu: ko akwai kuɗin da aka ware, ko mutumin yana da ikon yanke shawara, ko akwai buƙata, da kuma lokacin da ake son sayen. Farashin kowane mutum a wannan tsarin yakan yi kyau a ido, kuma shi ne ke jan sababbin shiga. A ci gaba da misalin dai. An aika wa waɗancan 400 saƙo uku-uku a cikin makonni, 32 suka amsa, 12 daga cikinsu suka nuna sha'awa, da aka bi su da tambayoyi sai 8 suka cika ma'aunin. Rubuta saƙonnin, saita akwatunan aikawa, karanta amsoshi da bin mutane sun ci wata awa 40. Jimilla awa 80 ke nan domin mutum 8, wato awa 10 a kan kowane ɗaya. Minti 6 da awa 10 ninki ɗari ne. Idan kamfani ya ce zai biya ninki ashirin na farashin suna tantacce a kan kowane mutumin da ya cancanta ta wannan hanya, tayin yana da daɗin ji, amma a wannan lissafin kashi ɗaya cikin biyar ne na abin da ya kamata.

Ninkin farashin ba shi ne babban hatsarin ba, domin ana iya daidaita shi da ciniki. Babban hatsarin shi ne ƙanƙantar adadin. Sunaye 400 ba sa sauyawa sosai daga wata zuwa wata. Wannan watan 380, wancan 420. Amma mutum 8 suna iya zama 5 ko 11 ba tare da mai aikin ya sauya komai ba. A watan da suka zama 5, kowane ɗaya ya ci awa 16, kuma kuɗin shiga ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku a kan aiki iri ɗaya. Abubuwan da ke jawo wannan kuwa yawancinsu ba a hannunsa suke ba: ko hajar kamfanin tana da kyau, ko farashinta ya yi tsada, ko an san sunan kamfanin a kasuwa, ko lokacin ya faɗa daidai da hutun ƙarshen shekara ko rufe kasafin kuɗi. Mai haɗa jerin da ya karɓi wannan tsarin ya ɗauki wani kaso na hatsarin kasuwancin kamfanin a wuyansa, ba tare da yana da ta cewa a kan haja ko farashi ba.

Sannan ga batun wanda ke yanke hukunci. A cancanta ta takarda hujja a fili take. A cancanta ta magana kuwa, ɗan sashen sayarwa ne zai kira mutumin ya dawo ya ce wannan ba da gaske yake ba, kuma shi ne wanda kuɗin ke fita daga kasafin sashensa, ko kuma wanda zai so ya ɗora laifin rashin ciniki a kan jerin. Idan ya yi jinkirin kwana goma kafin ya kira, sha'awar mutumin ta huce, sai a rubuta cewa bai cancanta ba. Ana gane kamfanin da za a sha wannan wahalar da shi tun a zaman farko: idan aka tambaye su mene ne cancanta suka ce za su gane idan sun gani, ko suka kasa nuna kwastomomi biyar na yanzu da suke son a samo musu irinsu, to ba su san abin da suke nema ba, kuma duk abin da aka kawo za a iya ƙin sa. Wanda zai shiga wannan tsarin duk da haka, sai ya tabbatar an rubuta abu uku a kwangilar: tambayoyin da amsarsu ke tabbatar da cancanta, kwanakin da kamfani ke da su na ƙin karɓa tare da rubutaccen dalili, da kuma cewa shiru bayan wa'adin karɓa ne.

Akwai wani nauyi a hanya ta biyu da ba kasafai ake sa shi a lissafi ba, shi ne na aikawa. A hanya ta farko kamfani ne ke aika saƙo da sunansa. A ta biyu sau da yawa mai aikin ne ke aikawa, don haka martabar yankin imel ɗin da yake amfani da shi ita ce jarinsa. Tun daga watan Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsaurara sharuɗɗa ga masu aikawa da yawa. A wajen Google, wanda ke aika kusan saƙo 5,000 a rana zuwa akwatunan Gmail dole ya saita `SPF`, `DKIM` da `DMARC`, wato tsare-tsaren da ke tabbatar da cewa saƙon daga yankinsa ya fito da gaske, kuma kada ƙorafin da masu karɓa ke yi ya kai kashi 0.3 cikin ɗari. Ƙaramin mai aiki ba zai kai 5,000 a rana ba, amma matatun da ke ware saƙon banza suna kallon alamomi iri ɗaya a kan kowa. Masu sana'ar sukan ɗauki kashi 2 cikin ɗari na saƙonnin da suka dawo a matsayin layin da bai kamata a tsallake ba. A misalinmu, da an cusa waɗancan 150 na `catch-all` a cikin aikawar, aka yi rashin sa'a 20 suka dawo, da an kai kusan kashi 3.6 cikin ɗari na 550. Alamar cewa yanki ya fara lalacewa ita ce amsoshi su ragu kwatsam ba tare da an sauya saƙo ko jerin ba, domin saƙonnin sun koma faɗawa akwatin shara, kuma gyaran yana ɗaukar makonni waɗanda ba wanda zai biya.

Kuɗin wata ko na awa shi ne na uku, kuma bayaninsa gajere ne. Yana mayar da hatsarin ga kamfani, yana kuma ba mai aikin damar yin abin da biya a kan suna ke hana shi, wato ya jefar da sunan da yake shakka a kansa ba tare da ya ji ya jefar da kuɗi ba. Ya fi dacewa a wuri biyu: inda kamfani bai tsayar da irin mutumin da yake nema ba, yana gwada wannan rukunin yau gobe wancan, da inda kasuwar ƙarama ce, misali kamfanoni 150 ne kacal a fannin, kowane ɗaya yana buƙatar binciken rabin awa domin a gano wanda ke yanke shawara. A irin wannan yanayin biya a kan suna yana hukunta wanda ya yi aiki da kyau. Rauninsa shi ne ba a ba baƙo kuɗin wata da sauƙi, kuma ƙwarewa ba ta ƙara kuɗi: wanda ya rage minti 6 zuwa 4 a tsarin kowane suna ya ƙara abin da yake samu a awa da rabi, amma a tsarin awa sai dai ya gama da wuri.

Wannan batu na jefar da suna ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne aibin hanya ta farko, kuma kamfanoni sun san shi. Duk wanda ake biya a kan adadi yana da dalilin cika jerin da abin da ya kusa dacewa: mataimakin manaja a madadin manaja, adireshin `info@` a madadin na mutum, mutum huɗu daga kamfani ɗaya domin an riga an gano tsarin adireshinsu. Maganin a rubuce yake. A ƙayyade muƙaman da aka yarda da su da waɗanda ba a yarda ba, a hana adireshin ofis na gama-gari, a sa iyakar mutum biyu a kowane kamfani, sannan a yi alkawarin musanya duk adireshin da ya dawo a cikin wa'adin da aka amince, misali kwana 14 ko 30 daga ranar miƙawa. Wa'adin yana kare ɓangarorin biyu, domin kamfanin da ya ajiye jerin wata huɗu kafin ya taɓa shi ba shi da hurumin ɗora wa mai aikin laifin waɗanda suka sauya aiki a tsakani. Kafin a shiga babban aiki kuma, a miƙa samfurin sunaye 25 ko 30, kamfani ya duba ɗaya bayan ɗaya ya faɗi dalilin duk wanda ya ƙi. Waɗannan dalilan su ne sharuɗɗan gaskiya, kuma sau da yawa sun bambanta da abin da aka faɗa a zaman farko.

Doka ma tana shafar zaɓin, domin tana bin inda mai karɓar saƙon yake. A Amurka dokar `CAN-SPAM` ta 2003 ba ta buƙatar izini kafin a aika saƙon talla, amma tana buƙatar adireshin gidan waya na gaskiya, hanyar ficewa, da kuma a daina aikawa cikin kwanakin aiki 10 bayan mutum ya nemi haka. A Tarayyar Turai dokar `GDPR`, wadda ta fara aiki a ranar 25 ga Mayun 2018, tana ɗaukar sunan mutum da imel ɗinsa na aiki a matsayin bayanan da ta kare, kuma sashe na 14 ya wajabta sanar da mutum cikin wata ɗaya idan an samo bayanansa daga wani wuri, har da faɗa masa inda aka samo. Kanada ta fi tsanani, domin dokar `CASL` da ta fara aiki a 2014 tana neman izini, na fili ko wanda ake iya fahimta daga yanayi. Ga mai aikin, ma'anar wannan ita ce kowane layi a jerin ya kamata ya ɗauki ginshiƙi biyu na ƙari: inda aka samo bayanin da ranar da aka tantance shi. A hanya ta biyu kuwa, inda shi ne mai aikawa, nauyin kula da masu ficewa yana hawa kansa kai tsaye. Haka kuma sharuɗɗan amfani da LinkedIn sun hana kwasar bayanai da manhaja, kuma wanda aka rufe wa asusu ya rasa babban wurin da yake duba muƙaman mutane.

A ganina, wanda ke fara aiki da sabon kamfani ya fara da cancanta a kan takarda, da samfuri, da jerin cirewa, da wa'adin musanya. Bayan wata biyu ko uku zai samu abin da ba shi da shi a ranar farko, wato alƙaluman wannan kamfanin na kansa: sunaye nawa ake buƙata kafin a samu amsa ɗaya, amsoshi nawa kafin a samu wanda ya dace, da kwana nawa 'yan sashen sayarwa ke ɗauka kafin su kira. Idan kamfanin ya yarda ya nuna waɗannan, kuma sun tsaya kusa da juna daga wata zuwa wata, a lokacin ne za a iya yanka farashin cancanta ta magana a kan lissafi. Ko a lokacin, tsarin da ya fi aminci shi ne haɗin biyu: ƙaramin kuɗin wata da zai rufe kuɗin rajistar manhajoji da awannin gina jerin, sannan ƙari a kan kowane mutumin da ya cika ma'aunin. A misalinmu hakan yana nufin awa 40 na farko an riga an biya su ko mutum 5 aka samu ko 11, kuma abin da ke hawa da sauka shi ne ladan awa 40 na biyu kawai. Idan kamfani ya ƙi haɗin, ya ƙi nuna alƙalumansa, kuma ya dage cewa ba zai biya ba sai ɗan sashensa ya gamsu, to a tsaya a kan sayar masa da jerin tantacce a farashin kowane suna, a bar masa aikawar da bin mutanen ya yi da kansa.